Ciwon Marfan: Idan Gaba Ta Zarce Tsawo, a Duba Jijiyar Zuciya

Masu haƙar rijiya ba sa yawo da tef. In ka tambayi zurfin rijiya sai su ce maka gaba goma ce, ko gaba goma sha biyu. Gaba kuwa ita ce tazarar da ke tsakanin kan yatsan wannan hannu da na wancan idan mutum ya ware hannuwansa biyu. A jikin yawancin mutane, gaba da tsawo kusan kunnen doki suke yi. Mai tsawon santimita 170, in ya ware hannu, abin da za a samu bai cika yin nisa da hakan ba.

Akwai wasu mutane da wannan lissafi ba ya zama daidai a jikinsu. Za ka ga yaro zanƙalele, siriri, ya kere wa sa'o'insa, hannuwa har sun kusa gwiwa, yatsu zara-zara, ga gilashi mai kauri a fuska tun yana firamare. A unguwa ba a san sunansa na yanka ba, Dogo kawai ake kiran sa. Yawancin dogaye lafiyarsu ƙalau, gadon tsawo suka yi. Amma a cikinsu akwai 'yan kaɗan da tsawon nasu alama ce ta wata larura da ake kira ciwon Marfan, wadda ake ƙiyasta cewa tana samun mutum ɗaya a cikin kowane dubu biyar, maza da mata, a kowace ƙabila. Tsawon ba ya kashe su. Abin da ke kashe su wata jijiya ce a cikin ƙirji, wadda ke buɗewa a hankali shekara da shekaru ba tare da ta yi ko ɗan ciwo ba.

Abin da ya faru a Matsue

A ranar 24 ga Janairun 1986, ana buga wasan ƙwallon raga na mata a garin Matsue na ƙasar Japan. Cikin 'yan wasan akwai Flo Hyman, Ba'amurkiya mai tsawon santimita 196, wadda ta taimaka wa ƙasarta cin lambar azurfa a gasar Olimfik ta 1984 a Los Angeles. A lokacin ba a cika samun wadda ta fi ta ƙarfin dukan ƙwallo ba a duniya. Ana tsakiyar wasa aka canza ta, ta fito ta zauna a benci. Jim kaɗan sai ta sulale ƙasa. A ranar ta rasu, tana da shekara 31.

Da farko an ɗauka bugun zuciya ne. Sai da aka kai gawarta Kalifoniya aka bincika sannan gaskiya ta fito. Zuciyarta lafiya lau take. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciyar ce ta yage a wani ɗan wuri mai rauni. Likitoci sun kuma tarar da tsohon gudan jini a wurin, wanda ya nuna cewa jijiyar ta fara tsagewa tun kamar mako uku kafin ranar, tana ta wasa da abinta ba ta sani ba. Ciwon Marfan ne da ita tun haihuwa, kuma duk da yawan likitocin da ke duba 'yan wasa irinta, babu wanda ya gano. Bayan rasuwarta aka duba 'yan gidansu, aka samu ɗan'uwanta da irin wannan matsala, aka yi masa tiyata tun abin bai kai ga yagewa ba.

Zare ɗaya, gaɓoɓi da yawa

Sunan ciwon ya samo asali ne daga Antoine Marfan, likitan yara a birnin Paris, wanda a 1896 ya bayyana wata yarinya 'yar shekara biyar mai dogayen gaɓoɓi da yatsu. Sai a 1991 aka gano tushen abin. Wata ƙwayar gado ce mai suna FBN1, wadda ita ke ba jiki umarnin ƙera wani sinadari da ake kira fibirilin.

Domin a fahimci aikin fibirilin, a tuna da robar ƙugun wando. Tana miƙewa in an ja, tana komawa in an saki, saboda akwai zaruruwa a ciki da ke riƙe da ita. Jikin ɗan'adam cike yake da irin waɗannan zaruruwa, a bangon jijiyoyin jini, da cikin ido, da huhu, da fata, da jikin ƙashi. Mai ciwon Marfan zaren nasa ba shi da ƙwari. Wannan ne ya sa larura ɗaya take bayyana a wuraren da kamar ba abin da ya haɗa su. Dogayen ƙasusuwa su yi ta tsawo fiye da kima. Haƙarƙari su yi tsawo har su tura ƙashin ƙirji ciki ya lotsa kamar kwano, ko su turo shi waje kamar ƙirjin tattabara. Ƙashin baya ya karkace. Nanƙarwa ta fito a kafaɗa ko gadon bayan saurayin da bai taɓa yin ƙiba ba.

A cikin ido akwai wani ɗan madubi da wasu siraran zaruruwa ke riƙe da shi a tsakiya. A jikin kusan shida cikin goma na masu wannan ciwo, zaruruwan kan saki, madubin ya goce daga mazauninsa. Yaro ya riƙa manna littafi a fuska, a yi ta sauya masa gilashi ba ya jin daɗin gani. Sau da yawa likitan ido ne ke fara zargin ciwon kafin kowa.

Maganar gado kuma tana buƙatar a tsaya a kanta, domin mu da sikila muka saba. Sikila sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da nasa kafin yaro ya kamu, shi ya sa ake gwajin jini kafin aure. Marfan ba haka yake ba. Mahaifi ɗaya ya isa. Idan uwa ko uba na da shi, kowane ciki da aka samu rabi da rabi ne, ko yaron ya ɗauko ko ya tsira, kuma gwajin da ake yi na sikila ba ya nuna shi. Kusan uku cikin huɗu na masu ciwon gadonsa suka yi. Ɗaya cikin huɗun da ya rage kuwa a kansa abin ya fara, iyayensa ba su da komai, amma shi zai iya gadar wa 'ya'yansa.

Uwar jijiya

Jijiyar da ta kashe Flo Hyman ita ce mafi girma a jiki, likitoci na kiran ta awota. Daga zuciya take fita, ta hau sama, ta lanƙwasa kamar kan sanda, ta gangara ta ƙirji zuwa ciki. Duk jinin da zai je kai, da hannuwa, da hanji, da ƙafafu, ta cikinta yake bi. Zuciya na bugawa kusan sau dubu ɗari a yini, kuma kowane bugu, gindin wannan jijiya, wato daidai inda ta tsiro daga zuciya, shi ke fara karɓar ƙarfin jinin. Ya buɗe, ya koma, ya buɗe, ya koma.

A jikin babban mutum mai lafiya, faɗin gindin bai cika kaiwa santimita 4 ba. A jikin mai Marfan, duk buɗewar da ya yi ba ya komawa daidai yadda yake, sai faɗin ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya taɓa hura balan-balan ya san cewa farkon ne ke da wuya, in ya fara girma sai ya riƙa buɗewa da sauƙi, fatarsa na ƙara siranta. Haka jijiyar take. Iya faɗinta, iya nauyin da bangonta ke ɗauka, ko da ƙarfin jinin bai sauya ba.

Bangon jijiyar hawa uku ne. Ranar da hawan ciki ya tsage, jini zai kutsa tsakanin hawa da hawa ya riƙa raba su, kamar yadda ruwan damina ke shiga tsakanin yaɓe da gini ya ɓamɓare shi. Daga nan abubuwa uku ke iya biyo baya. Jini ya fashe ya cika jakar da zuciya ke ciki ya matse ta har ta kasa bugawa. Ko tsagar ta toshe rassan da ke kai jini ƙwaƙwalwa ko ita kanta zuciyar. Ko kuma bawul ɗin da ke bakin jijiyar, wanda ke hana jini komawa baya, ya saki. Idan tsagar ta kama ɓangaren da ke kusa da zuciya kuma ba a yi tiyata ba, a farkon lamarin haɗarin mutuwa na ƙaruwa da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a kowace awa.

Yadda ake ganewa

Akwai awo uku da za a iya yi a tsakar gida. Na farko shi ne gaba. Mutum ya jingina da bango ya ware hannuwa, a auna, sannan a raba da tsawonsa. Idan sakamakon ya wuce 1.05, alama ce. Na biyu, ya kwantar da babban yatsa a tafin hannu ya dunƙule sauran a kai. Idan gaɓar ƙarshe ta babban yatsan, mai farce, ta leƙo gaba ɗaya ta gefen ƙaramin yatsa, alama ce. Na uku, ya zagaye wuyan hannunsa da babban yatsa da ƙaramin yatsa na ɗaya hannun. Idan babban yatsan ya hau ya rufe farcen ƙaramin baki ɗaya, ita ma alama ce.

Sai dai a yi hattara, waɗannan awo ba sa yanke hukunci. Mu baƙar fata dama hannuwanmu sun ɗan fi na Turawa tsawo idan aka gwada da tsawon jiki, don haka mai lafiya ma gabarsa na iya kaiwa wannan adadi. Akwai kuma masu ciwon da ba su da wani tsawo na a zo a gani, sun dai fi 'yan gidansu ne kawai. Ƙa'idojin da likitoci ke bi, waɗanda ake jingina wa birnin Ghent na Beljiyam kuma aka sabunta a 2010, sun ɗora nauyi mafi yawa a kan abu biyu: buɗewar gindin uwar jijiya, da gocewar madubin ido. Wanda aka samu da duka biyun, an tabbatar yana da ciwon ko da babu mai shi a danginsa. Wanda kuma aka riga aka tabbatar da ciwon a gidansu, ɗaya daga cikin biyun ya isa.

Hoton da ke nuna faɗin jijiyar shi ake kira eko. Irin na'urar da ake duba mai juna biyu da ita ce, sai dai a ƙirji ake ɗora ta. Ba allura, ba yanka, kuma ana yin sa a asibitocin koyarwa da sauran manyan asibitoci masu likitan zuciya. Hoton ƙirji na yau da kullum da gwajin bugun zuciya na takarda duk suna iya fitowa lafiya alhali jijiyar ta buɗe. Ga yara kuma ba a amfani da adadin manya, ana gwada faɗin ne da shekarun yaro da girman jikinsa.

Mu bi lissafin da misali

Mu ƙaddara wani saurayi ɗan shekara 19, tsawonsa santimita 190, gabarsa 203. In aka raba, an samu kusan 1.07. Ƙirjinsa ya lotsa, kuma mahaifinsa, wanda shi ma dogo ne, ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa yana da shekara arba'in da 'yan kai, aka ce hawan jini ne. Likitan ido ya ɗiga masa maganin buɗe ido ya duba, ya ga madubin ya goce. Eko ya nuna gindin jijiya santimita 4.2.

A wannan mataki ba a yi masa tiyata. Za a ɗora shi a kan magani, a sake hoton bayan wata shida domin a ga saurin buɗewar. Idan an sake samun 4.2, sai a koma sau ɗaya a shekara. Magungunan iri biyu ne. Akwai masu rage sauri da ƙarfin bugun zuciya, irin su atenolol, da kuma losatan da danginsa. Dukansu magungunan hawan jini ne da aka sani, amma mai Marfan yana shan su ko da jininsa bai hau ba. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2014, a kan yara da matasa 608, bai sami wani bambanci mai ƙarfi tsakanin atenolol da losatan ba. Abin da maganin ke yi shi ne rage gudun buɗewar. Ba ya mayar da jijiyar yadda take, kuma ba ya maye gurbin hoton shekara-shekara.

A ce saurayin ya kai shekara 25 jijiyar na 4.5. Ga wanda babu tarihin yagewar jijiya a gidansu, akan jira sai ta kai santimita 5 kafin a yi tiyata. Shi kuwa mutuwar mahaifinsa abin zargi ce, don haka tun a 4.5 likitoci za su fara maganar aiki. Haka ma idan jijiyar ta ƙaru da milimita 3 ko fiye a cikin shekara guda. A tiyatar, ana cire gindin da ya buɗe a maye shi da bututun wani irin yadi mai ƙwari. Hugh Bentall da Antony De Bono ne suka bayyana hanyar farko a Landan a 1968, inda ake sauya bututu da bawul tare. In bawul na ƙarfe aka sa, mutum zai sha maganin tsinka jini, wato wafarin, har ƙarshen rayuwarsa. Daga baya Tirone David a Toronto ya fito da hanyar da ake sauya bututun a bar wa mutum bawul ɗinsa na asali idan bai lalace ba.

Me ya sa za a yanka ƙirjin mutumin da ba ya jin ciwon komai? Domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wani nazari da aka wallafa a 1999 a kan masu Marfan 675 ya nuna cewa cikin waɗanda aka yi wa aikin a tsanake, kashi 1.5 cikin ɗari ne suka rasu a watan farko. Cikin waɗanda aka yi wa na gaggawa kuwa, kashi 11.7 ne, ban da waɗanda ba su ma kai asibiti da rai ba. Ko bayan tiyata ana ci gaba da hoto, saboda sauran tsawon jijiyar da ba a sauya ba shi ma zarensa ɗaya ne.

Abubuwan da ke tsokano tsagar

Duk aikin da mutum zai riƙe numfashi ya yi yunƙuri, yana ɗaga ƙarfin jini nan take. Ɗaga ƙarfe, da dakon buhu, da tura motar da ta mutu, duk suna ciki. Dambe da kokawa sun haɗa haɗari biyu, yunƙuri da duka a ƙirji ko ido. Tafiya a ƙasa, da tuƙa keke a hankali, da iyo ba na gasa ba, galibi ana ƙarfafa su. Abin takaicin shi ne irin wannan jiki shi masu neman 'yan wasa ke so. Isaiah Austin, ɗan ƙwallon kwando mai tsawon santimita 216, kwanaki kaɗan suka rage a yi zaɓen sababbin 'yan wasan gasar NBA na 2014 gwajin lafiya ya gano yana da Marfan, dole ya janye. Ya rasa damar, amma ya san abin da Flo Hyman ba ta sani ba.

Akwai kuma maganin da ya kamata a sani. A Disambar 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa sifurofuloksasin da danginsa na ƙara haɗarin yagewar uwar jijiya, ta kuma ambaci masu Marfan cikin waɗanda ya kamata a kauce wa ba su sai in babu wani zaɓi. Wannan shi ne sifuron da ake saye a kemis da zarar an ce taifot. Mai wannan ciwo ya faɗa wa duk wanda zai rubuta masa magani.

Ga mata, ciki shi ne lokaci mafi haɗari, musamman watannin ƙarshe da makonnin jego, domin jini na ƙaruwa a jiki kuma bangon jijiya na ƙara laushi. Idan faɗin bai kai santimita 4 ba, haɗarin kaɗan ne, amma sai an riƙa hoto a kai a kai har bayan haihuwa. Idan ya wuce 4.5, shawarar likitoci ita ce a gyara jijiyar kafin a ɗauki ciki. Losatan na cutar da ɗan tayi, don haka likita ke sauya shi tun kafin ciki ya shiga. Wurin haihuwarta kuma babban asibiti ne, ba ɗaki ba.

Ranar da abin ya zo

Ciwon yagewar jijiya farat ɗaya yake zuwa, da cikakken ƙarfinsa tun daga farko. Yakan kama ƙirji ko tsakanin allunan kafaɗa, kamar ana yaga abu ko ana sukar wuƙa, wani lokaci ya gangara baya ko ciki. Yana iya zuwa da suma, da haki, da mutuwar ɓarin jiki. Saboda mai ciwon sau da yawa matashi ne siriri, da sauƙi a ce olsa ce ko iska ta riƙe, a ba shi magani a sallame shi. Kada a jira gari ya waye. A tafi asibiti mafi girma da ke kusa, kuma tun a bakin ƙofa a faɗi sunan ciwon, a ce ana tsoron jijiyar zuciya ce ta yage, domin a yi hoton siti sikan da wuri.

Wani nazari na 1972 ya gano cewa matsakaicin shekarun da masu Marfan ke mutuwa a lokacin 32 ne. Zuwa 1995, a inda ake samun hoto da magani da tiyata, ana sa ran rabinsu za su kai shekara 72. Ƙwayar gadon tana nan yadda take, awo da aiki a kan lokaci ne suka kawo wannan tazara.

Don haka idan a gidanku akwai dogo mai dogayen yatsu, mai lotsattsen ƙirji ko raunin gani tun yarinta, musamman in an taɓa yin mutuwar fuju'a a dangi ta wani mai ƙananan shekaru, ku kai shi a duba idonsa, a yi masa eko, ku tambayi faɗin gindin jijiyar a santimita ku rubuta ku ajiye. In an same shi da ciwon, a duba iyayensa, da 'yan'uwansa, da 'ya'yansa, har da waɗanda ba dogaye ba.